YADDA AKE SHIRYA TEBURIN GASAR ƘWALLON ƘAFA DA EXCEL

Wanda duk ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo a Lokuwa bayan la'asar ya san ba a tashi da busar ƙarshe ta alƙalin wasa. Da an tashi daga wasa sai a shiga na baki. Wannan ya ce ƙungiyarsu ce a kan gaba, wancan ya ce a'a, an manta da wasan da suka ci makon jiya. A nemi sakatare, ya fito da littafinsa duk kankare, shi kansa ya rasa wanne ne lissafin ƙarshe.

Galibi ba rashin gaskiyar sakatare ke kawo wannan ba. Wasa guda yakan taɓa lambobi fiye da goma a teburi: yawan wasannin ƙungiyoyin biyu, nasara ko rashi, ƙwallayen da aka ci, waɗanda aka sha, bambancinsu, maki, kana a sake jera kowa bisa matsayinsa. Mai gyara waɗannan da hannu kowane mako, ko ba daɗe ko ba jima sai ya yi tuntuɓe. Tun da yake malamin makaranta aka fi ɗora wa aikin sakatare a unguwa, ya kamata mu koyi hanyar da ta fi sauƙi tun muna nan kwaleji.

Hanyar kuwa ita ce a rubuta sakamakon kowane wasa sau ɗaya tak, a wuri ɗaya, a bar wa kwamfuta sauran. Hannun mutum ba ya taɓa teburin ko kaɗan.

Don misali za mu ɗauki unguwanni huɗu na Mubi, watau Kolere da Lokuwa da Sabon Layi da Yelwa, mu ɗauka kowacce tana da ƙungiya guda. Sakamakon da za ku gani na koyo ne kurum, kada wani ɗan Yelwa ya zo mini da ƙara. Kowace ƙungiya za ta kara da kowacce sau biyu, gida da waje. Yawan wasannin ke nan 4 sau 3, watau 12. Da ƙungiya 6 ce, da 6 sau 5 ne, 30.

A fara da dokar gasa

Kafin a kunna kwamfuta, tilas kwamiti ya zauna ya yanke abu biyu, ya rubuta, shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu.

Na fari, maki nawa ake ba wanda ya ci? A da maki 2 ne, kunnen doki 1. A Ingila aka koma maki 3 a 1981, aka yi aiki da shi a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994, daga nan ya game duniya. Shi za mu bi: nasara 3, kunnen doki 1, rashi babu.

Na biyu, in maki ya zo daidai, da me za a raba gardama? Mu za mu bi irin ta Ingila: a duba bambancin ƙwallaye, watau waɗanda ƙungiya ta ci a debe waɗanda aka ci ta, in shi ma ya zo ɗaya, a duba wadda ta fi cin ƙwallaye. Kada ku ce wannan neman magana ne. A 2012 Manchester City da Manchester United kowacce ta gama da maki 89, bambancin ƙwallaye ya ba City kofi. A 1989 kuwa Arsenal da Liverpool sun yi daidai a maki, 76, sun kuma yi daidai a bambanci, 37, sai da aka ƙirga ƙwallayen da kowacce ta ci, Arsenal 73, Liverpool 65. Abin da ya sami manya zai sami ƙanana.

Littafi mai shafi uku

Ku buɗe sabon littafi a Excel. Duk abin da za mu yi yana aiki a Excel na 2010 da waɗanda suka biyo bayansa. Shafin Excel kamar filin dara yake, gurabe ne jere. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance suna da lambobi, 1, 2, 3. Gurbin da layin D ya gamu da layi na 2 sunansa D2. Abin da aka fara da alamar `=` a cikin gurbi shi ne ƙa'idar lissafi, kwamfuta takan yi aikin ta nuna amsa.

Ku yi shafi uku, ku raɗa musu suna Wasanni, da Lissafi, da Teburi. Ana canja sunan shafi ta danna sunansa na ƙasa sau biyu. Ku rubuta sunayen daidai haka, gama ƙa'idodinmu da su za su riƙa kiran shafukan. Wasanni shi ne inda sakatare ke rubutu. Lissafi shi ne madafa, inda ake aikin. Teburi shi ne akushin da ake kai wa jama'a.

Ku fara shiga Lissafi, ku rubuta sunayen ƙungiyoyi a A2 zuwa A5 bisa jerin haruffa: Kolere, Lokuwa, Sabon Layi, Yelwa. Nan ne kaɗai za a buga sunayen nan da hannu.

Shafin Wasanni

A layi na 1 ku rubuta kanun layukan tsaye: A Rana, B Mai gida, C Baƙo, D Cin mai gida, E Cin baƙo, F Makin mai gida, G Makin baƙo.

Ku lura cin kowace ƙungiya da gurbinsa dabam. In kuka rubuta 2-1 a gurbi guda, Excel zai zaci kwanan wata ne, ya mayar muku da shi Janairu ko Fabrairu. Ko da bai yi haka ba, ba zai iya tara ƙwallayen ba.

Yanzu sai mu toshe babbar kafar ɓarna, watau rubutun suna. Ga mutum, Sabon Layi da Sabonlayi da S/Layi duk abu ɗaya ne. Ga kwamfuta kuwa ƙungiya uku ce. Ko tazara guda aka bari a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta ɓatar da wasa. Maganinsa a hana buga suna, a sa zaɓe. Ku zaɓi gurabe daga B2 zuwa C101, ku shiga Data, sa'an nan Data Validation. A ƙarƙashin Allow ku zaɓi List, a Source ku rubuta:

```
=Lissafi!$A$2:$A$5
```

Daga yanzu kowane gurbi na B da C zai fito da 'yar kibiya, a danna a zaɓi suna. Haka kuma ku zaɓi D2 zuwa E101, ku koma Data Validation, ku zaɓi Whole number, tsakanin 0 da 30, don kada a shigar da harafi ko rabin ƙwallo.

Sai ku jera wasannin nan 12 duka tun ranar farko, daga layi na 2 zuwa na 13, ku bar D da E babu kome. Shida na zagayen farko su ne waɗannan, tare da sakamakon da za mu yi koyo da shi:

Lokuwa 2, Kolere 1
Sabon Layi 0, Yelwa 0
Kolere 3, Sabon Layi 1
Yelwa 1, Lokuwa 1
Lokuwa 1, Sabon Layi 2
Kolere 2, Yelwa 2

Shida na zagaye na biyu su ne dai waɗannan a juye, mai gida ya koma baƙo. Su ba a buga su ba tukuna.

A F2 ku rubuta ƙa'idar makin mai gida:

```
=IF(COUNT(D2:E2)<2,"",IF(D2>E2,3,IF(D2=E2,1,0)))
```

A G2 ta baƙo:

```
=IF(COUNT(D2:E2)<2,"",IF(E2>D2,3,IF(E2=D2,1,0)))
```

Kalmar IF tambaya ce mai amsa biyu: in kaza ya tabbata a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Ga abin da ta F2 ke cewa da Hausa. In lambobin da ke D2 da E2 ba su kai biyu ba, kada a rubuta kome. In sun kai, a duba: mai gida ya fi ci, a ba shi 3, sun yi daidai, a ba shi 1, in ba haka ba, 0.

Tambayar farkon nan mai COUNT, ita ce mafi yawan masu koyo ke mantawa. In babu ita, kwamfuta za ta dubi wasan da ba a buga ba, ta ga gurbi biyu wayam, ta ce ai sun yi daidai, ta raba maki ɗai-ɗai. A misalinmu kowace ƙungiya tana da wasa 3 a gaba, sai ku ga kowacce ta sami maki 3 na banza. Saboda haka sifiri da wayam ba ɗaya ba ne. Wasan Sabon Layi da Yelwa da aka tashi babu ci, lalle a rubuta 0 da 0. Wasan da ba a yi ba, a bar shi wayam.

Ku zaɓi F2 da G2, ku kama ɗan ɗigon da ke kusurwar dama ta ƙasa, ku ja har layi na 101. Ƙa'idar za ta kwafi kanta, D2 ya zama D3, D4, har ƙasa.

Shafin Lissafi

Kanun wannan shafi su ne: A Ƙungiya, B Wasa, C Nasara, D Kunnen doki, E Rashi, F Ci, G An ci ta, H Bambanci, I Maki, J Awo, K Matsayi, L Tara.

Kowace ƙungiya takan fito a wuri biyu a shafin Wasanni, wani lokaci mai gida, wani lokaci baƙuwa. Don haka kowace ƙirga kashi biyu ce, a haɗa. A C2:

```
=COUNTIFS(Wasanni!B:B,A2,Wasanni!F:F,3)+COUNTIFS(Wasanni!C:C,A2,Wasanni!G:G,3)
```

COUNTIFS ƙirga ce mai sharaɗi. Kashin farko yana cewa, a shafin Wasanni ƙirga layukan da mai gida shi ne sunan da ke A2, makin mai gida kuma 3. Na biyu yana cewa, ƙirga waɗanda baƙo shi ne sunan nan, makin baƙo kuma 3. Rubutun B:B yana nufin layin B tun daga sama har ƙasa.

A D2 ku sake rubuta wannan ƙa'ida, amma ku sa 1 a wuraren nan biyu da 3 take. A E2 ku sa 0. Kada ku ja ta zuwa dama, gama haruffan za su gusa, B:B ya zama C:C, lissafi ya lalace. Ku buga ta, ko ku kwafi rubutunta daga dogon akwatin da ke saman shafi.

Ƙwallaye kuwa tarawa ake yi, ba ƙirga layuka ba, saboda haka SUMIFS za mu kira. A F2, waɗanda ƙungiya ta ci:

```
=SUMIFS(Wasanni!D:D,Wasanni!B:B,A2)+SUMIFS(Wasanni!E:E,Wasanni!C:C,A2)
```

A G2, waɗanda aka ci ta:

```
=SUMIFS(Wasanni!E:E,Wasanni!B:B,A2)+SUMIFS(Wasanni!D:D,Wasanni!C:C,A2)
```

Ku dube su da kyau, D da E ne kaɗai suka yi musanya. Dalili kuwa, in kana gida, abin da baƙo ya ci shi ne aka ci ka. In kai ne baƙo, abin da mai gida ya ci shi ne aka ci ka.

Sauran uku masu sauƙi ne. Ga su bi da bi, na B2 da H2 da I2:

```
=C2+D2+E2
=F2-G2
=3*C2+D2-L2
```

Layin L na makin da kwamiti ya zabtare wa ƙungiya ne, za mu komo kansa. Yanzu ku bar shi wayam. Ku zaɓi B2 zuwa I2, ku ja ƙasa har layi na 5.

Kada ku gaskata kwamfuta tukuna. Ku ɗauki fensir ku bi Lokuwa da kanku. Ta ci Kolere 2 da 1, ta yi kunnen doki da Yelwa 1 da 1, Sabon Layi ta ci ta 2 da 1. Wasa 3 ke nan, nasara 1, kunnen doki 1, rashi 1. Ta ci 2 da 1 da 1, watau 4. An ci ta 1 da 1 da 2, shi ma 4. Bambanci 0, maki 4. In layin Lokuwa ya nuna haka, aiki ya yi. Sauran ya kamata su fito kamar haka: Kolere ta ci 6, an ci ta 5, maki 4, Sabon Layi ta ci 3, an ci ta 4, maki 4, Yelwa ta ci 3, an ci ta 3, maki 3.

Ku duba wani abin mamaki. Yelwa ce kaɗai ba a ci ba, ga shi kuwa ita ce ta ƙarshe. Da da tsohuwar doka ta maki 2 ake aiki, da dukansu huɗu maki 3 gare su. Abin da ya sa aka ƙara makin nasara ke nan, don a hana ƙungiya kwanciya bisa kunnen doki.

Jera su bisa matsayi

Ga ƙungiya uku da maki 4. Yaya za mu sa kwamfuta ta bi dokar kwamiti? Dabarar ita ce a narkar da maki da bambanci da ci su zama lamba guda, wadda muka kira Awo, amma kowanne da nauyinsa. Maki ya zama buhu, bambanci ya zama mudu, ci ya zama ƙwaya. Kome yawan ƙwayoyin da ke hannunka ba su kai mudu ba, mudun da ke gabanka kuma ba su kai buhu ba. A J2:

```
=I2*1000000+H2*1000+F2-ROW()/1000
```

In muka ajiye ɗan guntun ƙarshen nan tukuna, Awon Kolere 4,001,006 ne, watau miliyan 4 na maki, da dubu 1 na bambanci, da 6 na ci. Na Lokuwa 4,000,004. Na Sabon Layi 3,999,003, gama bambancinta ya gaza da ɗaya, an debe mata dubu. Na Yelwa 3,000,003. Kun ga lambobin da kansu sun jera su. Wannan awo ba zai ruɗe ba sai bambancin wata ƙungiya ya kai ɗari biyar, abin da ba za a gani a gasar unguwa ba.

To, mene ne amfanin guntun ƙarshe? ROW() lambar layin da ƙa'idar ke ciki ce, an raba ta da dubu don ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai. Aikinta ta hana ƙungiya biyu samun Awo iri ɗaya. In babu ita, biyu suka yi daidai a kome, kwamfuta za ta ce dukansu na 2 ne, ta tsallake na 3, teburi ya nemi na 3 ya rasa, ya rubuta #N/A. Ran farkon gasa ma, da kowa ke da sifiri, haka zai faru. Da guntun nan, waɗanda suka yi daidai sai su jeru bisa haruffa. Amma ku sani wannan don teburi ya tsaya ne kurum. Ba a ba da kofi don sunan unguwa ya fara da K. In haka ta faru a ƙarshen gasa, kwamiti ke da magana.

A K2 sai matsayi:

```
=RANK(J2,J:J)
```

Watau, a cikin lambobin layin J, wannan ta nawa ce daga sama? Ku ja J2 da K2 zuwa layi na 5. Kada ku rubuta wata lamba ko jimla a ƙasan layin J ko K, gama kwamfuta za ta ɗauke ta tamkar ƙungiya ta biyar.

Shafin Teburi

A A1 ku rubuta Matsayi, daga B1 zuwa J1 ku kwafi kanun Lissafi tun daga Ƙungiya har Maki. A A2 zuwa A5 ku buga 1, 2, 3, 4. Sa'an nan a B2:

```
=INDEX(Lissafi!A:A,MATCH($A2,Lissafi!$K:$K,0))
```

MATCH ɗan aike ne. Yakan ɗauki lambar da ke A2, ya je layin K na Lissafi, ya nemo layin kwancen da take. Sifirin ƙarshe yana ce masa sai wadda ta yi daidai sak. INDEX kuma ya ɗauko abin da ke wannan layi a ƙarƙashin A, watau sunan ƙungiya.

Wannan ita ce ƙa'idar da ake ja dama. Ku ja B2 har J2, kana ku ja dukansu har layi na 5. Alamar `$` turke ce: harafin da ta riga ba ya gusawa. Saboda haka $A2 da $K:$K za su tsaya wuri ɗaya, amma A:A da ba a ɗaure ba zai riƙa tafiya, B:B, C:C, har I:I, yana ɗauko wasa da nasara da sauransu.

Yanzu ku gwada. Ku koma Wasanni, ku nemi wasan da Yelwa ke gida Sabon Layi baƙuwa, ku rubuta 2 da 0. Ku dawo Teburi. Yelwa da ke ƙarshe ta hau kan gaba da maki 6 da bambanci 2, Kolere ta 2, Lokuwa ta 3, Sabon Layi ta koma ƙasa da bambancin da ya gaza da 3. Lamba biyu kuka buga, teburi duka ya sake.

Yadda za a gane kuskure

Zaɓen suna da muka sa ba ya hana wanda ya kwafo rubutu daga wani wuri ya manna. Saboda haka mu sa masu gadi biyu a gefe, a N2 da N3 na Lissafi:

```
=SUM(B2:B5)-2*COUNT(Wasanni!F:F)
=SUM(H2:H5)
```

Dukansu tilas su nuna 0 kullum. Na farko ya dogara ga cewa kowane wasa ƙungiya biyu ke buga shi: wasa 7, jimlar layin B 14. In an rubuta Sabonlayi a wani wasa, jimla za ta zama 13, mai gadi ya nuna -1, ku san suna guda ya ɓace. Na biyu kuwa, duk ƙwallon da wani ya ci wani aka ci, don haka bambancin kowa in an tara sai ya koma sifiri.

Ga waɗansu alamu kuma. In kun rubuta sakamako amma F da G suka zauna wayam, ku dubi lambobin. Lambar da ta jingina hagu a gurbinta, galibi da ɗan koren tabo a kusurwa, kwamfuta ta ɗauke ta rubutu ne, ko kuwa an buga harafin O a madadin sifiri. A share a sake bugawa. In kun ga #NAME? an yi kuskuren rubuta sunan ƙa'ida. In kome daidai ne amma teburi ya ƙi motsi, ku shiga Formulas, Calculation Options, ku tabbata yana kan Automatic. Har wa yau, da yake Mubi tana kusa da iyakar Kamaru, kuna iya gamuwa da kwamfutar da aka saita bisa tsarin Faransanci. Irin wannan takan ƙi waƙafi a cikin ƙa'ida, sai an sa `;` a madadinsa. In Excel ɗin kansa na Faransanci ne, har sunayen ƙa'idodi dabam suke, IF ma SI ake rubuta shi.

Akwai kuskuren da masu gadin nan ba su gani. In Lokuwa ta ci 2 da 1, sakatare ya juya ya ba Kolere, lissafi zai daidaita sarai, amma ƙarya ce. Maganin wannan takarda ce. Kowane wasa alƙali ya rubuta sakamako, kyaftin biyu su sa hannu, sakatare ya kwafa daga nan, ya adana takardar. Ran da gardama ta tashi, ita za a fitar.

Abin da ya rage ga kwamiti

In ƙungiya ta ƙi zuwa fili, yawanci akan ba abokiyar karawarta nasara da ci 3 da 0. In dokarku ke nan, sai a rubuta 3 da 0 kamar kowane wasa, a yi bayani a layin H na Wasanni. In an zabtare wa ƙungiya maki don ta sa ɗan wasan da ba nata ba, a rubuta yawan makin a layin L na Lissafi. Kada a taɓa buga lamba a kan gurbin Maki, gama yin haka yana share ƙa'idar, ƙungiyar ta daskare a nan har ƙarshen gasa ba wanda ya lura. Don gudun haka, ku kulle Teburi ta Review, Protect Sheet, ku kuma shafa wa guraben da ake bugawa launi dabam.

Littafin nan bai san dokar duba wanda ya ci wani ba, irin wadda ake bi a gasar Sifen. 'Yan Lokuwa suna iya cewa, yaya Kolere ke gabanmu alhali mun ci ta? Ku nuna musu zagayen farko: Lokuwa ta ci Kolere, Kolere ta ci Sabon Layi, Sabon Layi ta ci Lokuwa. Wa ke gaban wani? Kowace doka da inda take cije wa, abin da ake bukata a zaɓi guda tun ba a san wanda za ta taimaka ba.

In ƙungiyoyinku sun fi huɗu, ku ƙara sunaye a layin A na Lissafi, ku ja ƙa'idodi ƙasa, ku ƙara lambobin matsayi a Teburi. Wuri uku ne za ku gyara da hannu: $A$5 na zaɓen suna, da B5 da H5 na masu gadi. Layuka 100 da muka tanada sun ishi ƙungiya 10, masu wasa 90. Ku riƙa danna Ctrl da S bayan kowane sakamako, gama wuta ba ta sallama in za ta tafi, ku kuma ajiye kwafi a wani wuri kowane mako.

Aikin gida

Ku gina littafin da hannunku, ku shigar da wasanni bakwai da muka yi. Sa'an nan ku ƙara na takwas: Kolere a gida 0, Lokuwa 1. Kafin ku dubi Teburi, ku fitar da amsa da fensir. Ya kamata ku sami Lokuwa da maki 7, Yelwa 6, Kolere 4, Sabon Layi 4, jimlar ƙwallaye 19. Ku faɗi abin da ya sa Kolere ta riga Sabon Layi.

Bayan wannan ku ɓata shi da gangan. Ku cire guntun ROW daga layin J, ku share sakamako duka, ku ga abin da Teburi zai nuna. Ku mayar, kana ku manna Sabonlayi a wasa guda, ku dubi masu gadi. Wanda ya ga ciwo a ɗakin karatu ba zai firgita ba ran da ya gan shi a bakin fili, jama'a na tsaye a kansa.

Wanda ya gama, ya gwada wannan tsari a gasar gidajen kwana ta kwaleji ta wannan zango, ya buga Teburi a takarda ya manna a allon sanarwa kowace Litinin. Allah ya ba mai rabo sa'a.